Ƙiwar Jarirai: Dalilin Kuka Idan Sun Ga Baƙo ko Uwa Ta Fita Daga Ɗaki

Ƙiwa ita ce halin da jariri ke shiga na ƙin yarda da wanda bai sani ba, ya kau da kai, ya ƙanƙame mai riƙe da shi, ko ya fashe da kuka. Tana tafiya da wani hali mai kama da ita, wato kukan rabuwa, wanda yaro ke yi idan uwarsa ko mai renonsa ta ɓace masa da gani. Masana girman yara suna ɗaukar su biyun a matsayin mataki na girma, ba cuta ba. Suna bayyana ne a lokacin da ƙwaƙwalwar yaro ta fara riƙe kamannin mutanensa, tun kafin ta iya fahimtar cewa wanda ya tafi zai dawo.

Lokacin da take farawa

A watannin farko jariri ba ya zaɓen hannu. Ɗan wata biyu ko uku yakan yi murmushi ga kusan duk fuskar da ta leƙo shi, ko da yake tun a lokacin ya san muryar uwarsa da ƙamshin jikinta. Daga wata shida zuwa tara ne al'amarin ke sauyawa. Yaron da jiya kowa ke ɗauka sai a ga ya tsuke fuska, ya ƙura wa baƙo ido na ɗan lokaci, sannan ya ɓare baki.

A 1964 Rudolph Schaffer da Peggy Emerson sun wallafa binciken da suka yi kan jarirai 60 a birnin Glasgow. Sun ga cewa yawancinsu sun fara kukan rabuwa da wani mutum takamaimai a wajen wata bakwai, tsoron baƙo kuma ya biyo baya ba da daɗewa ba. Daga baya Jerome Kagan ya kwatanta yara daga Botswana da Guatemala da Isra'ila da Amurka. Duk da bambancin tarbiyya, kukan rabuwa ya ɗauki hanya kusan iri ɗaya: yana tashi a wajen wata takwas, ya kai ƙololuwa jim kaɗan bayan shekara ɗaya, sannan ya riƙa raguwa. Yawancin yara sukan sassauta tsakanin shekara biyu da uku.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwar yaro

Dalili na farko shi ne ƙarfin tunawa. Ɗan wata takwas ya adana fuskokin mutanen gidansa, don haka idan ya ga sabuwar fuska yana kwatanta ta da waɗanda ya sani. Shirun da yake yi yana kallon baƙo kafin kuka, lokacin kwatancen ke nan. Wannan ne ma ya sa yaro kan yi wa mahaifinsa ƙiwa idan ya aske gemu, ko ya ƙi gwaggonsa ranar da ta sa tabarau.

Dalili na biyu shi ne gane cewa abin da ya ɓace wa ido yana nan. Jean Piaget, masanin ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa idan aka rufe abin wasa da mayafi a gaban ɗan wata biyar, ba ya neman sa. Ɗan wata tara kuwa zai yaye mayafin. Haka yake game da uwa: yanzu yaro ya san tana wani wuri, yana kuma son ta, amma bai san lokaci ba. A wurinsa babu bambanci tsakanin shiga kicin na minti biyar da tafiya Kaduna. Kukan kira ne.

Akwai kuma hikima a lokacin da abin ke zuwa. Ƙiwa tana bayyana ne daidai da fara rarrafe, lokacin da yaro zai iya nisa da manya ya doshi murhu ko rijiya ko bakin hanya. John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwa na Birtaniya, ya bayyana shaƙuwar yaro da mai renonsa a matsayin kariya: tsoro ne ke mayar da shi kusa da wanda zai tsare shi.

Abin da aka gano a gidajen Hausawa

An taɓa nazarin wannan hali a ƙasar Hausa. A 1977 Robert Marvin da abokan aikinsa, ciki har da Robert LeVine da Sarah LeVine, sun wallafa abin da suka gani a kan jarirai 18 masu wata shida zuwa 14 a wani gari na arewacin Nijeriya. Yaran suna zaune ne a manyan gidaje, kowanne yana da masu reno kusan huɗu. An ga suna neman mafaka a wurin mutum uku ko huɗu, amma kowane yaro yana da wanda ya fi shaƙuwa da shi, kuma galibi shi ne wanda ya fi ɗaukar sa da yi masa wasa, ko da ba uwarsa ba ce. An kuma lura cewa yaro yakan saki jiki ya yi wasa da abin da ke kusa da shi muddin mai renonsa na nan, ya daina da zarar ta tashi.

Wannan yana amsa tambayoyi biyu da iyaye ke yawan yi. Na farko, yawan hannu ba ya hana ƙiwa, yana dai faɗaɗa da'irar waɗanda yaro ya yarda da su. Na biyu, a gidan da uwa ke kunyar ɗan fari, kaka ko goggo ke ɗawainiya da shi, ba abin mamaki ba ne idan kakar ce yake yi wa kuka in ta fita. Shaƙuwa tana bin hidima da sabo.

Misali daga Suleja

Suleja, wadda ita ce ainihin mai sunan Abuja kafin a ba babban birnin tarayya sunan, ta zama mazaunin dubban ma'aikata da 'yan kasuwa da ke sammako zuwa Abuja ta Madalla da Zuba, su dawo da almuru. Rabuwar safe ta zama abin kullum a gidaje da yawa.

A ɗauki misalin ma'aikaciyar da ta koma aiki jaririyarta na da wata huɗu, tana barin ta wurin ƙanwarta. Wata huɗu ana haka lafiya lau. Da yarinyar ta kai wata takwas sai ta fara tsala ihu da zarar uwar ta ɗauki jaka. Abin da ke fara zuwa zuciyar uwa shi ne ko ana cutar da 'yarta, wasu kuma su ce baki ne ko kambun baka. Mafi yawan lokuta ba mai renon ce ta sauya ba, yarinyar ce ta girma: ta haɗa jaka da mayafi da tafiya.

Hanyar tantancewa ita ce duba abin da ke biyo bayan fitar. Idan kukan ya lafa cikin 'yan mintoci, yarinyar ta karɓi rarrashi daga mai renon, ta ci abinci, ta yi wasa da barci, to ƙiwa ce kawai. Uwa za ta iya tsayawa a zaure ta saurara, ko ta sa maƙwabciya ta leƙa da hantsi. Idan kuwa yarinyar tana firgita da ganin mai renon kanta, ko akwai rauni a jikinta da ba a iya bayaninsa, ko tana ramewa, wannan wani batu ne da ke buƙatar bincike.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sulalewa a ɓoye yayin da aka ɗauke wa yaro hankali. Yana hana kukan wannan safiya, amma yana koya masa cewa uwa na iya ɓacewa ba sanarwa, sai ya ƙara maƙale mata har cikin gida. Abin da ya fi shi ne sallama gajera iri ɗaya kullum: a miƙa shi hannun mai reno, a ce masa an tafi za a dawo, a fita ba tare da komowa sau uku ba. Idan sabuwar mai reno ce, a ba ta kwanaki tana zuwa uwar na nan, tana ba shi abinci da goya shi, kafin ranar farko ta rabuwa. Barin zanen goyo mai ƙamshin uwa yana taimakawa. Wasan rufe fuska da buɗewa ma horo ne a kan ɓacewa da dawowa.

Wannan ƙa'ida ta shafi yaye. Inda al'ada ta tanadi kai yaro gidan kaka, yakan fi sauƙi idan ya riga ya saba da ita da gidanta tun kafin ranar.

Yadda baƙo zai tunkari yaro

A taron suna ko ziyarar Sallah, yawanci gaggawar baƙo ce ke tayar da kukan: ya shigo da murya sama, ya miƙa hannu ya ɗauke yaro. Jariri yana duban fuskar uwarsa don ya gane ko mutum abin yarda ne. Saboda haka ya kamata baƙo ya fara gaisawa da uwar cikin fara'a yaron na jikinta, ya zauna, ya miƙa masa wani abin wasa, ya jira shi ya matso da kansa. Tilasta wa yaro zama a hannun wanda yake tsoro ba ya cire ƙiwa. Tsoratar da shi da dodo ko da allurar likita ƙara ta yake yi. Yara kuma sun bambanta a ɗabi'a, kuma ko mai sakin jiki yakan ƙara ƙiwa idan yana jin yunwa ko barci ko yana baƙon wuri.

Lokacin da ya kamata a je asibiti

Kukan ƙiwa yana da sanadi a bayyane, kuma yana tsayawa idan yaro ya koma hannun nasa. Kukan da bai tsaya ba ko a jikin uwa, ciwo ake zargi. A garzaya asibiti idan akwai zazzaɓi, ko yaro ya ƙi kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko jikinsa ya saki, ko yana taune-taune, ko numfashinsa na sauri. Kada a ba shi maganin tari ko na mura don ya yi barci, kuma kada a jijjiga shi da ƙarfi cikin fushi, domin hakan na iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Akasin ƙiwa ma abin lura ne. Yaron da ya kai shekara ɗaya ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ba ya haɗa ido, bai kuma bambanta mutanen gida da baƙi ba, ya kamata a duba jinsa da ganinsa da yanayin girmansa. Haka nan idan yaro ya kai shekarun makaranta tsoron rabuwa na hana shi zuwa aji ko barci har tsawon mako huɗu ko fiye, likitoci suna ɗaukar sa a matsayin matsalar da ake magancewa. Uwa za ta iya gabatar da waɗannan tambayoyi ga ma'aikatan lafiya ranar rigakafin ƙyanda na wata tara, wanda ke zuwa daidai lokacin da ƙiwa ke kan ganiyar farawa.