WhatsApp: bambancin toshe mutum da kashe sautinsa, da ajiye shi gefe, da kai ƙorafinsa

Idan wani ya dame ka a WhatsApp, abu huɗu manhajar take ba ka dama ka yi masa. Yawancin wayoyin da ke hannun mutane daga Sae Sabuwa zuwa Gidan Rumji, Agye da Gazawa da Faransanci aka saita su, don haka sunayen da za ka gani su ne « Mode silencieux », « Archiver », « Bloquer » da « Signaler ». Mutane da yawa duka "toshewa" suke ce musu, alhali ɗaya ne kaɗai a cikinsu yake yanke hanya tsakaninka da mutum. Biyu suna gyara abin da kai kake ji ko kake gani ne kawai, na huɗu kuma magana ce tsakaninka da kamfanin.

Kashe sauti da ajiyewa gefe

Waɗannan biyu ba sa hana saƙo shigowa. Idan ka kashe sautin hira, za a tambaye ka tsawon lokaci: awa 8, mako 1, ko kullum. Saƙonni na ci gaba da sauka, wayar ce dai ba ta yin ƙara. Mai aikowa zai ga alama biyu (✓✓), shaidar saƙonsa ya iso, kuma ba a gaya masa ka yi masa komi. Wannan shi ya dace da zauren dangi ko na ƴan unguwa da ake kwana ana tura gaisuwa da bidiyo. Sai dai a lura da abu biyu: idan wani a zauren ya ambaci sunanka ko ya amsa saƙonka, sanarwa za ta zo, hotuna da muryoyi kuma suna ci gaba da cin megarka muddin ka bar wayar tana sauko da su da kanta.

« Archiver » kuwa yana ɗauke hirar daga babban jeri ya kai ta wani ɗaki mai suna « Archivées ». Ba a goge komi ba. Tun shekarar 2021, hirar da aka ajiye tana zama can ko da sabon saƙo ya shigo, sai in ka canza hakan a « Paramètres », sashen « Discussions ». Kada dai a ɗauke shi makulli: duk wanda ya riƙe wayarka a buɗe zai iya shiga ɗakin da taɓawa ɗaya. Kuma da kashe sauti da ajiyewa, babu wanda yake hana mutum kiran ka.

Toshewa

A wayar Android, ana buɗe hirar, a taɓa ɗigo ukun da ke sama, a zaɓi « Plus », sannan « Bloquer ». Daga nan saƙon mutumin ba ya iso maka, kiransa na WhatsApp ba ya shigowa, ba ya ganin lokacin da ka hau, ko abin da ka sa a « Statut », ko sabon hotonka. Kai ma ba ka iya aika masa komi sai ka buɗe shi. Tsofaffin saƙonninku suna nan, lambarsa ma tana nan cikin wayarka.

Abin da ya fi cutar da mutane shi ne wannan: saƙon da aka aiko maka lokacin toshewa ba ya jiran ka. Ko ka buɗe mutumin daga baya, ba zai shigo ba har abada.

A ɗauki misali. Wani ɗan kasuwa a Sae Sabuwa ya ba abokin cinikinsa na Maraɗi buhunan wake, yana bin sa jika 75. Suka yi cacar baki ranar Litinin, ya fusata ya toshe shi. Ranar Talata na Maraɗin ya je ya tura kuɗin ta Nita, ya ɗauki hoton takardar, ya aiko masa tare da murya yana ba shi haƙuri. A wayarsa alama ɗaya (✓) ya gani, ya zaci rashin rezo ne, ya ci gaba da harkarsa. Ranar Alhamis zuciyar mai wake ta huce, ya taɓa « Débloquer », bai tarar da komi ba. Yanzu shi yana ganin an ci masa kuɗi an yi shiru, wancan kuma yana ganin ya biya, ya ba da haƙuri, an yi biris da shi. Maganin mai sauƙi ne, a sake turo hoton, amma sai ɗayansu ya san abin da ya faru. Da « Archiver » ya yi masa ranar Litinin, da ya sami kwana ukunsa na hutu kuma ya tarar da takardarsa. Duk wanda akwai bashi, ko ciniki, ko maganar ƴaƴa tsakaninku, ajiyewa gefe ta fi masa dacewa.

Toshewar tana da iyaka. Idan kuna zaure ɗaya, zai ga abin da ka rubuta a can, kai ma za ka ga nasa. Ba ta taɓa kiran layi ko SMS na Airtel, Moov ko Zamani. Wannan sai ka shiga manhajar kiran wayar ka toshe lambar daban. Lamba ake toshewa, don haka in ya sayi sabon layi, sai ka sake.

WhatsApp ba ya gaya wa kowa an toshe shi, kuma da gangan ya bar abin a dunƙule. Alamun su ne alama ɗaya da ba ta zama biyu, hoton da ya ɓace, da kiran da ba ya shiga. To amma a ƙauyukanmu alama ɗaya abin yau da kullum ne: caji ya ƙare, mega ta ƙare, ko mutum yana gona inda babu rezo. Wasu kuma su suke ɓoye hotonsu ga kowa. Kafin ka yi fushi da ɗan'uwanka, kira shi ta layi.

Kai ƙorafi

« Signaler » yana wuri ɗaya da « Bloquer », shi ya sa ake haɗa su. Idan ka taɓa shi, saƙonni biyar na ƙarshe da mutumin ya aiko maka suna tafiya wurin kamfanin WhatsApp tare da lambarsa, ba tare da ya sani ba. Kamfanin na iya rufe asusunsa idan ya ga ya karya ƙa'ida, yana iya kuma barin sa. Ƙorafi shi kaɗai ba ya hana shi ci gaba da aiko maka saƙo, sai ka haɗa da toshewa, kuma manhajar tana tambayar ka hakan nan take.

Wannan na ɗan damfara ne: baƙuwar lamba da ta ce ka ci kyauta, ko wadda ta roƙe ka ka turo mata lambobi 6 da suka shigo maka ta SMS. Lambobin nan su ne mabuɗin asusunka, wanda ya same su ya ƙwace shi. Irin wannan a kai ƙorafinsa a toshe. Surukin da ya cika surutu ba ya cikin wannan sahu.

Kamfanin WhatsApp ba polis ba ne, ba kuma zai maido maka da kuɗi ba. Idan barazana ce, ko damfara, ko ana tsoratar da mace da yaɗa hotonta, Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun shekarar 2019, kuma wurin jandarma ko polis ake kai maganar. Kafin ka taɓa komi, ɗauki hoton allon yadda lambar, ranar da saƙon za su fito, ka adana muryoyin. Sannan ka karanta abin da akwatin ƙorafin ya rubuta kafin ka amince, domin a wasu zubin manhajar yana haɗawa da goge hirar gaba ɗaya, kuma hirar ce shaidar da za a nema a hannunka.