Taswirar Yanayin Ruwa: Layin Tafasa, Layin Narkewa da Mahaɗar Uku

Tsakure: Maƙalar ta duba yadda zafi da matsi suke haɗuwa su yanke wa ruwa hukuncin zama ƙanƙara, ko ruwa, ko tururi, ta kuma lissafa dalilin karkatar layin narkewa.

A kan taswirar, zafi yana kwance daga hagu zuwa dama, matsi kuwa yana tsaye daga ƙasa zuwa sama. Layuka uku suka raba filin gida uku, kuma duk ɗigon da ya faɗa kan layi, yanayi biyu ne suke zaune tare a wurin.

Layin tafasa ya fi sauƙin fahimta. A gaɓar teku, inda matsin iska yake kilofaskal 101.325, ruwa kan tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyos. A Jos, mai tudun kusan mita 1,200, iska ta fi sauƙi, sai ya tafasa a wajen digiri 96. Ƙara wuta ba ya ɗaga wannan zafin, sai dai ruwan ya ƙone da wuri.

Layin narkewa ne mai abin mamaki. A yawancin abubuwa dama yake karkata, na ruwa kuwa hagu ya yi, saboda ƙanƙara ta fi ruwa cin wuri: mita ɗaya mai fuska uku tana ɗaukar kilo 917 na ƙanƙara, amma kusan kilo 1,000 na ruwa. Idan aka matse ƙanƙara, sai ta nemi yanayin da bai kai ta cin wuri ba, wato ta narke. James Thomson ya hango haka tun 1849. Lissafin Clapeyron, dP/dT = ΔH/(TΔV), shi ke nuna girman abin. Narkar da kilo ɗaya yana cin jul 334,000, zafin kuwa kelbin 273 ne, girman yana raguwa da kusan santimita 90 mai fuska uku. Amsar ta kai megafaskal 13.5 a kowane kelbin, wato sai an ninka matsin iska sau 130 da ɗoriya kafin ma'aunin narkewa ya sauka da digiri ɗaya tak. Shi ya sa layin yake kamar a miƙe. Masu zana littattafai kan zuzuta karkatarsa ne don ido ya gani.

Layukan sun haɗu a digiri 0.01 da matsin faskal 611.657. Nan kaɗai ƙanƙara da ruwa da tururi suke zama tare ba wanda ya rinjayi wani. Ƙasa da wannan matsin, ƙanƙara kan wuce kai-tsaye ta zama tururi, kuma da haka ake busar da wasu magungunan rigakafi bayan an daskarar da su. Ɗalibai kan ɗauki digiri 0 da 0.01 abu ɗaya, alhali na farko narkewa ce a sararin iska, na biyu kuwa a rufaffiyar kwalbar da aka zuƙe wa iska ake samunsa. Daga 1954 zuwa 2019, da wannan mahaɗa aka ƙayyade ma'aunin kelbin, aka ba ta 273.16 daidai.