Harajin hatimi a Najeriya

Harajin hatimi, wanda wasu ke kira harajin kan sarki, haraji ne da gwamnati ke karɓa a kan takardun da ke tabbatar da ciniki ko yarjejeniya, kamar takardar sayar da gida ko gona, takardar haya da takardar jingina. Sunan ya samo asali ne daga hatimin da ake bugawa, ko kan sarkin da ake liƙawa a jikin takarda, domin nuna cewa an biya. A ƙa'ida harajin yana hawa kan takarda ne, ba kan cinikin kansa ba.

Tarihi

An fara karɓar wannan haraji a ƙasar Holan a shekarar 1624, sannan Ingila ta ɗauke shi a 1694. A 1765 majalisar Birtaniya ta ɗora shi a kan yankunan da take mulka a Amurka, mutane suka yi bore har aka soke dokar a 1766. A Najeriya Turawan mulkin mallaka sun kafa dokarsa a 1939, kuma ita aka ci gaba da aiki da ita bayan samun 'yancin kai tare da gyare-gyare. Dokar Kuɗi ta 2019 ta shigar da takardun da ake yi ta na'ura cikin harajin. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Haraji ta Najeriya, wadda ta haɗe wannan haraji da sauran haraje-haraje a wuri guda, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026.

Wanda ke karɓa

Wanda zai karɓi harajin ya danganta da masu cinikin. Idan akwai kamfani a ciki, ko a matsayin mai saye ko mai sayarwa, hukumar haraji ta tarayya ce ke karɓa, wato FIRS, wadda aka sauya wa suna zuwa NRS. Idan kuwa tsakanin mutum da mutum ne, haƙƙin jiha ne. Saboda haka manomin Tafoki a Ƙaramar Hukumar Faskari da ya sayar wa maƙwabcinsa gona, takardarsu tana ƙarƙashin Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Katsina. Da a ce kamfanin noma ne ya sayi gonar, da tarayya za a biya. A cinikin fili da gida mai saye ne ke biya.

Yadda ake lissafi

Harajin iri biyu ne. Akwai mai tsayayyen kuɗi, wanda ba ya canzawa komai darajar abin da ke cikin takarda. Akwai kuma wanda ake lissafawa bisa daraja, kuma shi ne ya shafi sayar da fili da gida. Ma'aunin da hukumar tarayya ta daɗe tana amfani da shi a takardar sauya mallaka shi ne kashi 1.5 cikin 100 na kuɗin ciniki. A haya kuwa tsawon wa'adi ake dubawa. A sanarwar da hukumar ta fitar a 2020, hayar da ba ta wuce shekara 7 ba tana biyan kashi 0.78, wadda ta kai har shekara 21 kashi 3, wadda ta haura haka kashi 6. Takardar da ake lissafa wa haraji bisa daraja ana so a buga mata hatimi cikin kwana 30 da sa hannu. Wanda ya makara zai biya tara a kan ainihin kuɗin.

Matsayinsa a cinikin fili

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke sayarwa shi ne haƙƙin zama da amfani. Idan filin yana da takardar shaidar mallaka ta gwamna, sai da amincewar gwamna za a sauya masa hannu. Gonakin karkara da ake riƙe da su bisa al'ada kuwa amincewar ƙaramar hukuma suke buƙata. Kotun Ƙoli ta jaddada muhimmancin amincewar gwamna a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989, inda jinginar da aka yi ba tare da ita ba ta zama banza.

Don haka matakai uku ne ke kammala takardar saye: neman amincewa, biyan harajin hatimi, da yin rajista a ofishin filaye. Ofishin rajista ba ya karɓar takardar da ba a buga wa hatimi ba. Amma hatimi shi kaɗai ba ya ba mutum mallaka. Idan wanda ya sayar ba shi ne mai gonar ba, misali ɗaya daga cikin magada ya sayar da gonar gādo kafin a raba, hatimin ba zai gyara cinikin ba.

A ƙauyukan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, kamar sauran karkarar ƙasar Hausa, an saba yin cinikin gona a gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu, a zagaya iyaka, a biya kuɗi, a rubuta 'yar takarda kowa ya sa hannu. Irin wannan ciniki yana iya inganta a shari'ar Musulunci da ta al'ada. Sai dai sa hannun dagaci da tambarinsa shaida ce kawai, ba su ne harajin hatimi ba, kuma kuɗin da aka ba shi ba ya maye gurbin harajin.

Misali

A ɗauka wani ɗan kasuwa ya sayi babbar gona a wajen Tafoki a kan naira miliyan 20, kuma an yi masa lissafi da kashi 1.5. Harajinsa naira 300,000 ne, ban da kuɗin lauya, na safiyo da na rajista. Idan shi da mai sayarwa suka haɗa baki suka rubuta miliyan 12 a takarda, harajin zai sauko zuwa naira 180,000, ya rage naira 120,000.

Matsalar tana fitowa ne idan cinikin ya warware. A ce bayan shekara biyu wasu magada sun fito, kotu ta ba su gonar. Mai saye zai koma kan wanda ya sayar masa, amma takardar da ke hannunsa miliyan 12 ta ambata. Sauran miliyan 8 sai ya nemo wata hujja, kuma yin hakan ikirari ne cewa ya ɓoye wa hukuma farashi. Ban da haka, hukuma tana da ikon ƙin yarda da farashin da aka rubuta, ta kimanta darajar filin da kanta.

Illar rashin biya

Babbar illa ita ce doka ta hana a karɓi takardar da ba a biya wa haraji ba a matsayin hujja a shari'ar da ba ta laifi ba. Ana iya gyara wannan ta biyan harajin da tararsa kafin kotu ta karɓi takardar, amma hakan yana ƙara kuɗi da jinkiri. Bankuna ma ba sa karɓar filin da takardarsa ba ta kammala ba a matsayin jingina, kuma mai saye na gaba yakan rage farashi saboda shi zai ɗauki nauyin gyaran.

Mai son ya gane ko an biya harajin zai duba jikin takardar ko akwai hatimin hukumar haraji da ya nuna kuɗin da aka biya da kwanan wata, ko takardar shaidar biya mai lamba da aka haɗa da ita. Ya kuma tabbata kuɗin ya dace da farashin da aka rubuta, sannan hukumar da ta karɓa ita ce ta dace da masu cinikin, wato jiha idan mutane ne, tarayya idan da kamfani a ciki.