Kunne ko Ido: Nazari kan Sauraron Littafi da Karanta Shi ga Matafiyin Hanyar Gusau zuwa Gummi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba halin ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Gusau da yankin Anka, Gummi da Bukkuyum, wanda lokacin karatunsa bai wuce zaman mota ba, ga kuma ido ya gaji. An kwatanta sauraron littafi da karanta bugagge ta fuskar lafiyar jiki, fahimta da lissafin lokaci. Matsayin maƙalar shi ne, a cikin mota kunne ya fi ido, amma akwai abu ɗaya da kunne ba ya iyawa, wato waiwaye, kuma da wannan ne ya kamata a raba abin da za a saurara da abin da za a bar wa takarda.

Gabatarwa

Ɗaukar ilimi ta kunne ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan asalin Gummi da ya rasu a 1992, ya bar fassarar ma'anonin Alƙur'ani da Hausa a rubuce, ya kuma bar tafsirinsa na Masallacin Sultan Bello da Rediyon Kaduna ya riƙa watsawa. Malami ɗaya, hanya biyu. Tafsirin ya shiga gidajen da ba a karatun boko, ya bi kaset zuwa tashoshin mota, yau kuma yana cikin memori a waya. Fassarar kuwa ita ake buɗewa idan ana son a tabbatar da lafazin wata aya. Tambayar wannan nazari ita ce ko wannan rabon aiki zai yi wa matafiyin yau amfani.

Abin da mota ke yi wa ido

Wanda ya taɓa buɗe littafi a kujerar baya bayan an bar Mayanci an nufi Anka ya san yadda abin yake. Layi yana rawa, a sa yatsa a riƙe shi, mota ta faɗa rami ya kuɓuce. Can sai miyau ya fara taruwa a baki, goshi ya yi gumi mai sanyi. Reason da Brand sun bayyana dalilin a 1975: ido yana kallon shafin da bai motsa ba, alhali ma'aunin da ke can cikin kunne yana shaida wa ƙwaƙwalwa cewa jiki yana tafiya. Saɓanin nan ne ke kawo jiri da tashin zuciya. Mai sauraro ya tsira daga wannan, domin idonsa yana kan hanya ko a rufe.

Gajiyar ido kuwa iri biyu ce, kuma bai kamata a haɗa su ba. Akwai ta wanda ya wuni yana duba takardu, ga ƙurar hunturu. Wannan, hutu ne maganinta. Akwai kuma wadda ke zuwa wajen shekara 40, inda mutum zai ga yana miƙa hannu yana nisanta littafi kafin rubutu ya fito. Wannan ba hutu take so ba, tabarau take so. Abin takaici ne a ga malamin makaranta ya haƙura da karatu gaba ɗaya saboda abin da gwajin ido na ɗan lokaci zai warware.

Fahimta da matsalar waiwaye

Shin mai sauraro yana fahimta kamar mai karatu? A 2016 Rogowsky da abokan aikinta sun ba manya wani yanki na littafin labarin gaske, wasu suka saurara, wasu suka karanta a allo, wasu suka haɗa biyun, ba a kuma sami bambancin a-zo-a-gani ba. Sai dai Clinton-Lisell, da ta tattara bincike 46, ta nuna inda gizo ke saƙar: a dunƙule hanyoyin sun yi kunnen doki, amma karatu yana rinjaye idan mai karatu ne ke sarrafa saurinsa, da kuma idan ana buƙatar ya ciro ma'anar da ba a faɗa ƙarara ba.

Dalilin a fili yake. Idon mai karatu ba gaba kawai yake yi ba, yakan koma baya ya ɗauko kalmar da ta wuce ba tare da mai shi ya ma lura ba. Murya ba ta jira. Idan direba ya taka burki a shingen jami'an tsaro, aka shiga gaisuwa da buɗe but, minti biyar na littafi sun tafi. A labari irin na Magana Jari Ce ta Abubakar Imam hasarar kaɗan ce, tunda gajerun labarai ne da aka gina su kamar ana ba da su da baki, kuma zaren yakan dawo da kansa. Amma a ce babin rabon gado ne, ko takardar jarrabawar ƙarin girma mai lambobin dokoki, to rasa jimla ɗaya rasa babin ne. Gwajin mai sauƙi ne: a sauka a tasha a gwada faɗin abin da aka ji cikin jimla uku. In ya gagara, wannan littafi na takarda ne.

Hausa tana da nata ƙarin dalili. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke da kama ɗaya a shafi. Mai karatu da ido yana warware wannan daga jimla. Mai sauraro ya dogara ga wanda ya karanta masa: in gwani ne ya sauƙaƙa masa aiki, in kuwa mai gaggawa ne, kamar wasu masu karanta littattafan soyayya a YouTube, sai ya miƙa masa kuskuren a dafe.

Misali da lissafi

A ɗauki malami, a matsayin misali, da ke aiki a Gummi iyalinsa na Gusau, yana tafiya ranar Litinin ya dawo Juma'a ta Daki Takwas da Anka. A ƙaddara masa awa 3 kowace tafiya, minti 360 ke nan a mako. A cire kashi ɗaya cikin uku saboda jiran cikar mota, shingaye, salla da hira, saura minti 240. Idan aka ari ma'aunin littattafan sauti na Ingilishi, kusan kalma 150 a minti, zai ji kalma 36,000 a mako. Mai karatun zuci ya fi haka sauri, domin Brysbaert ya ƙiyasta kalma 238 a minti a 2019, amma wannan saurin na wanda ke zaune a ɗaki ne. A mota, bayan minti goma, saurin malaminmu sifili ne.

Murya mai nauyin 64 kbps tana cin megabait kusan 29 a awa, don haka awa huɗun ba su kai megabait 120 ba. Ya sauke su tun a gida ko wajen masu turi, kada ya dogara da sabis a hanya. Mutanen Zamfara ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Ya kuma kula da ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar desibel 80 na awa 40 a mako ga babba, kuma rurin inji da kaset ɗin direba su ne ke sa a murɗa fiye da kima. Idan na kusa da shi yana jin abin da ke fita daga abin kunnensa, ya yi yawa. A wannan hanya, inda kowa ke kasa kunne ga abin da direbobin da ke tahowa za su ce game da gaba, kunne ɗaya ya kamata ya toshe, ɗayan ya bar wa hanya.

Wurin da ya ɓace masa kuwa, ya duba minti nawa wayar ta nuna ya riƙe lambar. Bayan sallar asuba, ido ya huta, ya buɗe bugaggen a daidai wurin ya ba shi minti 15.