Du, de la da des a Faransanci

Du, de la da des ƙananan kalmomi ne na nahawun Faransanci da ake sawa kafin suna domin nuna wani ɓangare na abu wanda ba a faɗi yawansa ba. A Faransanci ana kiran su articles partitifs. Hausa ba ta buƙatar irinsu: inda Bahaushe zai ce "ina shan ruwa", Bafaranshe sai ya ce je bois de l'eau.

Siffofi

Du tana zuwa kafin suna namiji, kamar du pain (burodi), de la kuma kafin suna mace, kamar de la viande (nama). Idan sunan ya fara da wasali ko da h da ba a furtawa, dukansu kan koma de l', kamar de l'huile (mai). Des ta jam'i ce, kamar des épinards (alayyafo).

Bayan korewa

Idan aka kore jimla da ne … pas, ne … plus ko ne … jamais, kuma sunan shi ne karɓau na aikatau kai tsaye, duk siffofin kan koma de, ko d' kafin wasali. Il mange du riz (yana cin shinkafa) takan zama il ne mange pas de riz.

Dalilin yana cikin ma'ana da tarihi. Asalin du haɗin de da le ne, wato "daga cikin abin". Korewa tana mayar da adadin sifili, don haka babu ɓangaren da za a nuna. Sannan pas a da suna ce mai ma'anar "taku ɗaya", kamar yadda point ke nufin "ɗigo", mie kuma "ɓarɓashi". An riƙa amfani da su don ƙarfafa ne, da nufin "ko kaɗan". Shi ya sa pas de riz ke da gini ɗaya da kalmomin adadi irin su beaucoup de riz (shinkafa da yawa).

Inda ba a canzawa

Ƙa'idar tana aiki ne kawai idan adadin ake korewa. Bayan aikatau être ba a canza komai: ce n'est pas du lait (wannan ba madara ba ce), domin abin yana nan, irinsa ake musantawa. Haka ma idan ana bambanta abu biyu: elle ne boit pas du thé, mais du café (ba shayi take sha ba, kofi ne). Ne … que kuma tana nufin "sai dai", ba korewa ba ce: il ne boit que de l'eau.

Wani kuskure da masu koyo kan yi shi ne canza le, la da les. Waɗannan ba sa canzawa: je n'aime pas le café.