Wace Rumfa Ta Cancanci Tsayuwa a Bajekolin Guraben Aiki?

Abin da ke ƙaranci a bajekolin guraben aiki shi ne lokaci. A ɗauka matashiya ce da ta karanta aikin akanta, ta gama bautar ƙasa, ta shiga zaure mai rumfuna 40 da awa uku a hannunta. Idan kowace rumfa za ta ci minti 20 tsakanin bin layi da ganawa, rumfa tara kawai za ta samu. Saboda haka tun a gida ake yin zaɓi, daga jerin sunayen da masu shirya taron suka fitar.

Rumfunan nan ba irinsu ɗaya ba. Akwai kamfanin da ke ɗaukar ma'aikaci da kansa, akwai dillalan da ke samo wa bankuna da kamfanonin sadarwa ma'aikatan kwantiragi, sannan akwai waɗanda kwas suka zo sayarwa ko rajistar 'yan talla a kan kamasho. Tambaya guda ce ke rarrabe su: sunan wa zai fito a takardar kama aiki, kuma wa zai biya albashi? Mutum na iya zama a kantar banki, sanye da tambarinsa, alhali a takarda ma'aikacin dillali ne, ƙarin girma da alawus ɗinsa daban. Wannan ba ya hana karɓar aikin, amma gara a shiga da sani. Rumfar da ta nemi kuɗin fom kafin ganawa kuwa, a wuce ta.

Ga akantar tamu, dogon layin babban banki yakan zama asara, domin galibi amsar ita ce a je a cike fom a shafinsu. Abin da take bukata daga can minti biyu ya isa: iyakar shekaru, matakin digirin da suke karɓa, da watan da suke buɗe ɗauka. Matsakaicin kamfani, kamar na casar shinkafa ko rarraba magunguna, ya fi amfani, don sau da yawa wanda ke zaune a rumfar yana da ta cewa wajen ɗauka. Nan za ta tambayi wace manhaja suke riƙe lissafi da ita, ko Sage ko QuickBooks ko Excel kawai, da irin aikin da sabon ɗauka ke yi a watanninsa na farko. Idan rumfa uku suka ambaci manhaja ɗaya, ta san abin da za ta koya.

Batun albashi ma sai da lura. Dokar fansho ta 2014 ta tanadi a cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba aƙalla kashi 10. Wanda ya kasa faɗin ko adadin da ya ambata kafin cire haraji da fansho ne ko bayansa, da wuya yana da gurbin da aka riga aka ware wa kuɗi.