Shaidar abokin ciniki da labarin aiki: yadda ake amfani da su wajen neman sabon ciniki

Mai neman sabon ciniki yana fuskantar tambaya guda wadda ba kullum ake furta ta ba: wa ka taɓa yi wa irin wannan aiki, kuma yaya ta kaya? Abubuwa biyu ne ke amsa ta. Na farko shi ne shaidar abokin ciniki, wato gajeriyar magana da wanda aka yi wa aiki ya faɗa da bakinsa. Na biyu shi ne labarin aiki, wato bayanin shafi ɗaya ko biyu da ke nuna matsalar da aka tarar, abin da aka yi, da sakamakon da aka auna. Shaida tana nuna cewa akwai wanda ya gamsu. Labarin aiki kuwa yana nuna dalilin gamsuwar, ta yadda mai karatu zai iya gwada shi da halin da yake ciki.

Masanin halayyar ɗan Adam Robert Cialdini ya yi bayanin tushen wannan a littafinsa Influence na 1984: idan mutum yana cikin shakka, yakan dubi abin da wasu suka yi, musamman masu kama da shi. A nan sirrin yake. Yabon babban banki ba ya motsa mai ƙaramin asibiti, domin buƙatunsu da aljihunsu ba ɗaya ba ne.

Ginin labarin aiki

A ɗauki misalin kamfanin da ke kafa wutar sola, wanda ya yi aiki a wani asibiti mai zaman kansa mai gado 20. Alƙaluman na misali ne, amma haka ake lissafin.

Kafin aikin, janaretan asibitin yana aiki awa 10 a rana, yana shan lita 4 ta man dizal kowace awa. Lita 40 ke nan a rana, 1,200 a wata. Bayan an kafa farantan sola da batura, janareta ya koma aikin awa 3 a rana, wato lita 12 a rana, 360 a wata. An rage lita 840 a wata, kashi 70 cikin ɗari. Idan aka ƙaddara lita a kan Naira 1,500, asibitin yana tsira da Naira 1,260,000 a wata, kuma aikin da ya ci Naira miliyan 30 zai mayar da kuɗinsa cikin kimanin wata 24.

Wannan lissafi ba ya samuwa sai an ɗauki alƙaluman farko tun kafin a fara aiki, daga rasitan sayen mai ko littafin mai kula da janareta. Wanda ya bari sai bayan shekara zai dogara ne da abin da mutane suka tuna, tunawa kuwa takan ƙara gishiri. Ya fi kyau kuma a rubuta sakamako da lita kafin a juya shi zuwa Naira. Farashin mai a Najeriya ya sha sauyawa a shekarun nan, don haka adadin kuɗi yakan tsufa cikin 'yan watanni, lita kuwa tana nan yadda take.

Inda lissafi ke yaudara

Mai saye mai hankali zai tambayi watannin da aka kwatanta. Idan an auna lokacin da ba a kafa sola ba a watan Afrilu, ana tsananin zafi, fankoki da na'urorin sanyaya ɗaki suna aiki dare da rana, sannan aka auna bayan kafawa a watan Disamba, to wani ɓangare na ragin sanyin hunturu ne ya kawo shi. Haka nan idan wutar layi ta inganta a unguwar a tsakanin. Maganin wannan shi ne a kwatanta wata da takwaransa na bara, ko shekara da shekara, a kuma rubuta lokacin a fili.

Labarin da babu tangarɗa ko ɗaya a cikinsa yakan jawo zargi. Idan ƙurar hunturu ta rage ƙarfin farantan har aka tsara wanke su duk mako, a faɗa. Mai karatu ya san aiki ba ya rasa matsala. Abin da yake so ya gani shi ne yadda kamfanin ya yi da ta taso.

Karɓar shaida

Wanda aka ce wa "ka yi mana 'yar magana" yakan rubuta cewa kamfanin yana da kirki da riƙon amana, wanda ba ya bambanta shi da kowa. Tambayoyi uku sun fi fitar da magana mai amfani: wane hali kuke ciki kafin aikin, me kuka ji tsoro kafin ku amince, me ya canza. Ta biyun ta fi muhimmanci, domin tsoron da tsohon abokin ciniki ya ji shi ne wanda sabon ke ji yanzu. Ana iya taƙaita amsar, amma ba a sauya ma'anarta, kuma a nuna wa mai ita kafin a fitar.

Yadda ake aika su

A saƙon farko, ta imel ko WhatsApp, jimla ɗaya daga labarin ta isa: cewa wani asibiti mai girman naku ya rage shan dizal daga lita 1,200 zuwa 360 a wata, tare da tambaya ko za a turo bayanin. Cikakken shafin yana zuwa ne bayan an nuna sha'awa. Idan magana ta kai ga farashi, sai a ba da damar kiran tsohon abokin cinikin ko ziyartar wurin, domin gani ya kori ji. Sai dai a nemi izninsa kowane karo, kada a mayar da shi ma'aikacin talla har ya gaji.

Amsar da aka samu tana nuna inda gyara yake. Wanda ya ce "mu namu daban ne" an tura masa labarin da bai dace da shi ba. Wanda ya tambayi yadda aka auna, labarin ya kama shi, hujja yake nema.

Iyakar doka

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa suna, hoto, murya da lambar waya cikin bayanan da ba a sarrafa su sai da halastaccen dalili, kuma a harkar talla yardar mai su a rubuce ita ce mafi aminci. Ɗaukar hoton hirar WhatsApp a watsa ba tare da izni ba yana iya zama keta wannan. Idan abokin ciniki bai so a ambace shi, ana iya cewa "wani asibiti mai gado 20 a Kano", ko da yake ƙarfin shaidar zai ragu.

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta haramta bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa game da kaya da ayyuka. Shaidar da aka ƙirƙira tana cikin wannan, haka ma gabatar da sakamako mafi kyau da aka taɓa samu kamar shi ne abin da kowa zai samu. Idan kuma za a mayar da shaidar talla ga jama'a, hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, tana buƙatar a tantance talla kafin a fitar da shi.